Yadda Ake Gano Tushen Warin Baki: Daga Baki Ne, Maƙogwaro, Ko Ciki?

Yawancin waɗanda ke zuwa wurinmu a ɗakin kula da haƙori da kukan warin baki sun riga sun yanke wa cikinsu hukunci kafin su iso. Wani ya sha maganin olsa wata da watanni, wata ta sha jiƙe-jiƙen wankin ciki har ta rame, wari kuma yana nan inda yake. Abin da binciken likitocin haƙori ya daɗe da tabbatarwa shi ne, a cikin mutum 10 masu warin baki na dindindin, 8 zuwa 9 a cikin bakin ne warin yake tasowa. Hanci da maƙogwaro ne ke biye, ciki kuwa shi ne na can ƙarshe. Dalilin ba boyayye ba ne. Bututun da abinci ke bi ya sauka ciki a tsuke yake, kamar bakin jaka da aka zuge, ba ya buɗewa sai za a haɗiya, ko za a yi gyatsa, ko amai. Iskar da kake fitarwa idan kana magana daga huhu take zuwa, ta bi ta maƙogwaro, ta shafi harshe da haƙora, ta kwaso abin da ta tarar a hanya.

Abin da take tararwa kuwa aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ba sa son iska. Suna ɓuya a can ƙarshen harshe, da tsakanin haƙora, da ƙarƙashin dasashi, suna cin ragowar nama da madara da majina da jini da matattun ƙwayoyin fatar baki, suna fitar da iska mai sinadarin farar wuta. Ita ce ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yawu ne ke wanke su, shi ya sa duk abin da ya busar da baki yake ƙara wari: barci, azumi, yawan magana ba shan ruwa, numfashi ta baki a lokacin hunturu.

Ga yadda nake bi in raba tushen a wurin aiki, na mayar da shi yadda za ka iya yi a gida.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar ƙaramin cokali mai tsafta, na roba ya fi, domin na ƙarfe yana da nasa ƙarnin da zai ruɗe ka. Sai madubi da fitilar waya. Sai zaren sakace, wanda ake samu a manyan kantunan magani da manyan shagunan cikin gari, ka zaɓi fari marar ƙanshin na'a-na'a. Idan bai samu ba, farin zaren ɗinki mai ƙarfi da aka ninka biyu zai yi maka gwajin rana ɗaya, amma kada ka mayar da shi na kullum, yana iya yanka dasashi. Ka haɗa da buroshi mai laushi, man goge baki, gishiri, da takarda da biro.

Abu mafi muhimmanci a cikin kayan nan shi ne mutum. Hancinka ya saba da warin jikinka, ba zai gaya maka gaskiya ba, kuma hura iska a tafin hannu ka shinshina bai cika nuna komai ba. Ka nemi wanda ba zai ji nauyinka ba kuma ba zai kai maganar waje ba: matarka, mijinki, ɗan'uwa shaƙiƙi, ko aminin da kuka taso tare. Na san akwai kunya, musamman a gidajenmu da ba a saba faɗa wa babba irin wannan magana ba. Amma mintuna biyar ɗin nan sun fi shekara ana zargi. Mai mura ko mai shan taba ba zai yi wannan aikin ba.

Mataki na 1: Shirya ranar gwaji

Kwana biyu kafin gwajin ka ajiye ɗanyar albasa, tafarnuwa, yajin tsire da kilishi, da miyar da daddawa ta yi wa yawa. Tafarnuwa ce babbar mai ruɗa gwaji, domin bayan an narkar da ita wani sashe nata yana shiga jini, ya fito ta huhu, har ya kwana ya yini yana fita komai yawan goge bakin da aka yi. Ranar gwajin kada ka sa turare, kada mai taimaka maka ya sa, kuma a guji ɗakin da aka yi turaren wuta. Babu taba, babu goro, babu cingam, babu ruwan kuskure baki na kanti.

Kada ka yi gwajin da tashinka daga barci. Warin safe kowa na yinsa, kuma yana tafiya da an karya an goge baki. Kada kuma ka yi shi kana azumi, don bushewar baki da ƙona kitsen jiki suna ba bakin mai azumi nasa warin daban, wanda ke wucewa bayan buɗa-baki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne awa biyu zuwa uku bayan karin kumallo da goge baki, wato da hantsi. Idan ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su filajil ko amoksil a 'yan kwanakin nan, ka jira kamar wata guda, domin suna danne warin na ɗan lokaci, sai ka ɗauka ya tafi.

Mataki na 2: Gwajin baki da hanci

Wannan shi ne ginshiƙin duka aikin, saboda haka a yi shi a tsanake.

Ka zauna ka rufe bakinka ruf na minti biyu, kana numfashi ta hanci, ba magana. Sannan mai taimaka maka ya matso, tsakanin hancinsa da bakinka kamar tsawon tafin hannu. Ka toshe hancinka da yatsu, ka buɗe baki, ka saki iska a hankali. Kada ka hura da ƙarfi, iska mai ƙarfi tana tsarma warin. Ya faɗa maka abin da ya ji, ka rubuta da lamba: 0 idan babu komai, 1 idan sai ya matso sosai ya ji, 2 idan ya ji sarai ba tare da ya nema ba, 3 idan sai da ya kawar da kai.

Ku huta minti ɗaya hancinsa ya dawo daidai. Yanzu ka rufe baki, ka fitar da iska ta hanci kaɗai, ya shinshina. Daga nan ka danne ƙofar hanci ɗaya ka fitar ta ɗayar, sannan ka juya. A rubuta kowace.

Idan wari ya fito ta baki amma iskar hanci ba komai, tushen yana cikin baki ko saman maƙogwaro. Wannan shi ne abin da muke gani kusan kullum. Idan ta hanci ya fi fitowa, musamman ta ƙofa ɗaya, to matsalar hanci ce ko kogunan ƙashin fuska da ke haɗe da shi. Idan kuwa wari iri ɗaya ne, da ƙarfi ɗaya, ta baki da ta hanci, alama ce cewa daga ƙasa yake tasowa, daga huhu ko daga jini, kuma wannan na likita ne, zan zo kansa.

Akwai kuma sakamako na huɗu da ba a cika zato ba, wato 0 ta ko'ina. Muna samun mutanen da suka daina shiga sahun gaba a masallaci, suke rufe baki da hannu ko da mayafi idan za su yi magana, alhali ba wani wari a bakinsu. Wani ne ya taɓa yaɓa musu magana, ko suka ga wani ya shafa hanci suna cikin zance. Ɗaci ko bauri da kake ji a harshe ba hujja ce ta wari ba. Idan ka samu 0, ka sake gwajin a wata rana da wani mutum daban. Idan ya sake fitowa 0, ka yarda da su, kuma idan damuwar ta ƙi barinka ka faɗa wa likita ita kanta damuwar, don ita ma ana maganinta.

Mataki na 3: Cokali da harshe

Tsaya gaban madubi, haska fitila, ka zaro harshe iyakar iyawarka. Gaban harshe yawanci ja ne mai tsafta saboda yana gogar ganɗa da haƙora duk yini. Can baya za ka duba, kusa da maƙogwaro, inda za ka ga wani shafi fari ko rawaya, ko ja-ja ga mai cin goro. A can ƙarshe akwai wasu ƙuraje manya-manya da suka jeru a tsare. Halitta ce, kowa na da su, kada ka kankare su.

Kifa cokalin, ka kai bakinsa baya gwargwadon yadda za ka iya jurewa, ka janyo shi gaba sau ɗaya a hankali. Idan yunƙurin amai ya taso, ka fitar da numfashi a lokacin da kake jan cokalin, yana rage shi. Bar abin da ya fito ya sha iska na daƙiƙa kaɗan, sannan ku shinshina, kai da mai taimaka maka. Tambayar da za ka yi masa ɗaya ce: wannan ne warin da ka ji ɗazu? Idan ya ce shi ne, ka kama babban mai laifi.

Wasu suna lasar bayan hannu su bari ya bushe su shinshina. Gaban harshe kaɗai wannan ke gwadawa, kuma busasshen yawun kowa yana da ɗan wari, don haka yakan tsorata mai lafiya ya kuma kwantar wa mai matsala hankali. Ni ba na dogara da shi.

Mataki na 4: Zare, dasashi da haƙora

Yanki zare kamar kamu ɗaya, ka naɗe shi a yatsun hannu biyu, ka zura shi tsakanin turamen haƙora na baya. Kada ka danna shi da ƙarfi ya faɗa kan dasashi. Ka riƙa goga shi gaba da baya har ya shige, ka lanƙwasa shi a jikin haƙori, ka sauke shi kaɗan ƙarƙashin dasashi, ka fito da shi. Shinshina zaren bayan kowane gurbi, kana matsawa zuwa wuri mai tsafta. Sau da yawa za ka tarar gurbi ɗaya ko biyu ne kawai ke wari, kuma yawanci nan ne nama ke maƙalewa duk lokacin da ka ci. Rubuta wurin: sama ko ƙasa, dama ko hagu.

Duba launin zaren. Jini a jikinsa, ko a kumfar da kake tofarwa in ka goge baki, alamar kumburin dasashi ce, kuma warin ciwon dasashi ya fi na harshe kaifi da naci. Haska bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe. Idan ka ga wani abu mai tauri rawaya ko baƙi ya manne a gindinsu, datti ne da ya daskare ya zama kamar dutse, buroshi ba ya cire shi, asuwaki ma haka, sai an kankare a asibiti. Maganar da ake yi cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi ko giɓi ba haka take ba. Dattin ne ya riga ya cinye dasashi ya cike gurbin, cire shi ne ke tona ɓarnar.

Duba kuma ko akwai kogo, ko guntun haƙori da ya karye ya rage a dasashi, ko ƙurji mai fitar da mugunya, ko haƙorin ƙarshe da ya fito rabi da fata a kansa, abin da ke yawan damun matasa 'yan shekara ashirin da wani abu. Mai haƙorin Makka ya zura zare a gefensa ya shinshina, domin idan bai zauna daram ba abinci na shiga ƙarƙashinsa. Mai haƙoran roba na cirewa ya cire su ya shinshina su daban.

Mataki na 5: Mako biyu na tsaftar gwaji

Idan matakai na 2 zuwa 4 sun nuna baki, kada ka sayi maganin komai tukuna. Ka ba bakin mako biyu na cikakkiyar tsafta, sannan ka sake gwajin. Wannan shi ne ke tabbatar da hukunci.

Goge haƙora sau biyu a rana, minti biyu cikakku, da safe da kuma kafin kwanciya. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu na raguwa sosai a barci. Ka karkata buroshin ya riƙa taɓa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Zare sau ɗaya a rana, da dare. Jinin da za ka gani a kwanakin farko kada ya sa ka daina, yakan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu idan kumburin bai yi nisa ba. Harshe kuma sau ɗaya da safe, da makankarin harshe na roba, ko cokalin nan, ko buroshi: daga baya zuwa gaba, sau huɗu ko biyar, kana ɗauraye shi bayan kowane ja. Da sauƙi ake yi. Na sha ganin harshen da aka kankare har ya yi jini, jinin kuma abinci ne ga ƙwayoyin da ake son korewa.

Asuwaki abu ne mai kyau kuma ina ƙarfafa shi, amma ya kamata a san iyakarsa. Yana tsaftace fuskar haƙori sosai idan ana yanke kansa ana sabunta shi, sai dai ba ya shiga tsakanin turame, kuma mutane kaɗan ne ke kai shi ƙarshen harshe. Wanda ke asuwaki sau biyar a rana zai iya samun haƙora fes da warin harshe. Tsinken sakace kuma guntun nama kawai yake cirowa, ya bar dattin da ke manne.

Ka sha ruwa a kai a kai, kada ka fita kasuwa ba ka karya ba, domin tauna kanta tana share harshe tana kuma kawo yawu. Kanumfari, cingam da alewar na'a-na'a rufe wari suke yi na ɗan lokaci, ka ajiye su a waɗannan makonni don kada su ɓata maka lissafi. Akwai ruwan kuskure baki mai sinadarin kulohekzidin da ke kashe warin da gaske, amma yana rina haƙora da harshe idan ya wuce mako biyu, kuma zai ɓoye maka amsar da kake nema. A bar shi sai likita ya rubuta.

Ranar da mako biyun suka cika, ka maimaita mataki na 2 da mutumin nan dai, a lokacin nan dai. Idan 3 ta koma 1 ko 0, baki ne, ka ci gaba da abin da kake yi. Idan ta sauka kaɗan ta tsaya, kuma zare na nuna jini ko wari a gurbi ɗaya, sauran aikin na likitan haƙori ne: wankin haƙori, cike kogo, ko cire guntu. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna da sashen haƙori.

Bari in nuna yadda wannan ke kasancewa da wani magidanci, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai shekara arba'in da 'yan kai. Ya shigo riƙe da ledar magungunan olsa, ya ce, "Malam, ni fa cikina ne ya ruɓe, haƙorana ba abin da ya same su, ko ciwo ba sa yi." Na ce, "Alhaji, kana yawan ƙwannafi ko gyatsa mai tsami?" Ya ce sai in ya ci mai yaji da dare, shi ma ba kullum ba. Muka yi gwajin: baki 3, hanci 0 ta kowace ƙofa. Ƙarshen harshensa ya yi kauri da shafi ja-ja na goro. Zare ya fito da jini kusan ko'ina, a tsakanin turame biyu na ƙasa ta dama kuma ya fito da zaren nama da ya kwana biyu a wurin, ga ƙaramin kogo a gefen ɗayansu. Da na miƙa masa zaren ya shinshina, ya yi shiru, sannan ya ce wannan ne warin da iyalinsa ke nufi. Da muka bi yininsa sai ga sauran bayani: yana fita bayan asuba ba kari sai shayi, ya yini yana ciniki da goro a baki, ruwa kaɗan, da dare ya ci tsire ya kwanta. Aka wanke masa haƙora, aka cike kogon, ya koyi zare da kankare harshe, ya fara karyawa da abin taunawa. Da ya dawo bayan mako biyu, baki ya koma 1. Rashin ciwo ne ya yaudare shi, ciwon dasashi kuwa yakan yi shekaru yana ci ba zafi.

Mataki na 6: Maƙogwaro da hanci

Idan baki ya tsarkaka, likitan haƙori ya duba ya ce ba komai, amma wari na nan, sai a leƙa baya. Buɗe baki, ka ce "aaa", ka haska. A kowane gefe na maƙogwaro akwai tsoka guda, su ne 'yan wuya, a asibiti a ce tonsil. A wasu mutane suna da ramuka, kuma a cikin ramukan ake samun wasu 'yan dunƙule farare ko rawaya, girman ƙwayar gero zuwa ta shinkafa. Wani lokaci sukan faɗo da kansu in an yi tari. Murƙushe ɗaya a tsakanin yatsu, warinsa ba ya ɓuya. Mai wannan matsalar yakan ce yana jin kamar wani abu ya maƙale masa a wuya, kuma warin nasa zuwa yake ya tafi, ba kamar na dasashi mai zama ba.

Abin yi a gida shi ne kuskurar maƙogwaro da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ɗaga kai a gurgura, safe da dare. Kada a sa tsinke, ashana ko allura a tono su, wurin yana da jini sosai. Ina roƙo kuma kada a kai wa wanzami ya yanke beli ko ya taɓa 'yan wuya saboda wari. Beli ba ya kawo warin baki, yanke shi kuma na iya jawo zubar jini da shigar cuta. Idan dunƙulen sun yi yawa, ko maƙogwaro na yawan kumbura da zazzaɓi, sashen kunne, hanci da maƙogwaro ne wurin zuwa.

Alamar hanci kuwa ita ce majina mai kauri, rawaya ko koriya, da ke gangarowa ta bayan maƙogwaro, yawan kaki da safe, toshewar hanci, da nauyin fuska da ke ƙaruwa in an sunkuya, kamar a sujada. A nan abubuwa biyu ke haɗuwa: majinar na sauka a ƙarshen harshe ta zama abincin ƙwayoyin, toshewar hanci kuma na sa a kwana baki buɗe. Shi ya sa za ka kankare harshe da safe, kafin la'asar ya sake taruwa. Sai an magance hancin harshen zai zauna.

Ga iyaye: ƙaramin yaro da wari mai ƙarfi ya taso masa kwatsam, da majina mai ɗoyi ta ƙofar hanci ɗaya tak, kusan kullum wani abu ya cusa, wake, gyaɗa, dutsen ado ko guntun soso. Kada a yi ƙoƙarin zaƙulo shi a gida, turawa ciki ake yi. Idan ana zaton ƙaramin batir ne mai kamar maɓalli, a tafi asibiti a wannan sa'ar, yana ƙona naman hanci cikin awanni.

Mataki na 7: Yaushe ne za a zargi ciki

Ciki ba ya aiko da wari shiru, yana haɗo shi da wasu alamu. Warin da ke da nasaba da ciki yakan zo ne tare da gyatsa, ya ɗan jima ya wuce, kuma tsami-tsami ne ko warin abincin da aka ci, ba ɗoyin da ke bin kowace kalma ba. Tare da shi akwai ƙwannafi, ruwa mai tsami ko ɗaci da ke tasowa har maƙogwaro, zafi a ƙahon zuci, dashewar murya da safe, kuma abin ya fi tsanani in an ci an kwanta nan take.

Ka yi mako guda kana rubuta lokacin cin abinci, lokacin ƙwannafi ko gyatsa, da lokacin da aka ce an ji wari. Idan warin na bin bayan cin abinci da kwanciya, ciki na da hannu. Idan kuwa ya fi tsanani lokacin yunwa da doguwar magana, ya kuma ragu da ka ci abinci ka sha ruwa, wannan halin baki ne, ko da mutane na ce masa warin yunwa. Za ka iya gwada barin awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, rage mai da yaji, da ɗaga wajen kan gado, ka ga ko alamun sun sauka tare.

Akwai ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, helikobakta, kuma wasu masu ɗauke da ita warinsu na raguwa bayan an kashe ta. Amma mutane da yawa na ɗauke da ita ba wari ba ciwo, saboda haka samunta a gwaji bai wanke harshe da dasashi daga zargi ba. Gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, domin na jini yana iya nuna tsohuwar cutar da ta riga ta warke. Kafin gwajin ana dakatar da maganin olsa irin omifrazol da danginsa mako biyu, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba sakamako ya fito ba komai alhali tana nan. Kada ka haɗa wa kanka maganinta a kemis.

Mataki na 8: Abin da ba a jira da shi

Mu koma kan wanda ya samu wari iri ɗaya ta baki da hanci, bayan ya kiyaye tafarnuwa da taba. Irin warin yana ba da haske. Ƙanshi-ƙanshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, ko na ruwan goge jan farce, a bakin mai ciwon suga, tare da ƙishirwa, yawan fitsari, amai ko numfashi mai zurfi, na gaggawa ne, a kai shi asibiti a take. Zarni kamar na fitsari tare da kumburin ƙafa da fuska yana nuna ƙoda. Wari mai zaƙi-zaƙi kamar na ruma, tare da idon da ya yi rawaya ko cikin da ya kumbura, yana nuna hanta. Ɗoyi tare da kaki mai yawa mai wari da zazzaɓi daga huhu ne, kuma duk tarin da ya kai mako biyu a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati da aka ware.

Haka nan ba a tsayawa yin mako biyun tsafta idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: wahalar haɗiya, abinci na dawowa baki yadda aka haɗiye shi bayan awanni, rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida mai yauƙi, dashewar murya da ta wuce mako uku, ƙullutu a wuya, ko gyambo a harshe ko kumatu da ya ƙi warkewa bayan mako uku, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a baki. Ka tafi da takardar da ka rubuta lambobin baki da hanci a kai, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, domin wasu magungunan hawan jini, na mura da na ƙwaƙwalwa suna busar da baki, kuma likita zai so ya gani ko za a iya sauya maka.